Amsar Lissafin da Na Saya

A shekarar da na zana jarrabawar fita sakandare, Jalingo ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Ma'aikata sun cika gari, gidan haya ya yi wuya, kowa ka gani da fayil a hammata. Mahaifina tela ne, shagonsa na bakin hanyar kasuwa, gidanmu kuma na Yelwa. Kakanninmu daga Zariya suka zo da allura da zare, suka zauna, suka yi auratayya da mutanen gari. Tun da ma'aikatan nan suka fara kawo masa yadi yana ɗinka musu kaftani, Baba ya ƙudura a ransa cewa ni ba zan gaji keken ɗinki ba. Idan ya gama gwada wani babban ma'aikaci, mutumin ya fita, sai ya dube ni ya ce, "Ka ga wannan? Takarda ce kawai ta raba mu."

Ni kuwa ba daƙiƙi ba ne. Ina faɗar haka ne don a gane cewa abin da na yi ba tilas ce ta sa ni ba. Turanci da tarihi ba su taɓa ba ni wahala ba. Lissafi ne nake tafiya a cikinsa kamar mai ratsa rafi da damina, ina tsallakewa amma gabana na faɗuwa. A jarrabawar gwaji da muka yi a makaranta na samu abin da ya kai kiredit, da kyar dai, amma ya kai. Kuma ba tare da kiredit a lissafi ba, babu makarantar gaba da za ta dube ka.

Malamin lissafinmu mutumin wajen duwatsun Mumuye ne, siriri, rigarsa kullum da farin alli a aljihu. Hausarsa irin ta garinmu ce, ba ruwansa da namiji ko mace a magana. Yakan ce, "Lissafi ba ta cin hanci. Ka ba shi gaskiya, ta ba ka gaskiya." Muna dariya a bayan idonsa, muna kwaikwayonsa. Yana da wata al'ada da duk wanda ya ratsa ajinsa ya ɗauka. Kafin ka fara aiki, sai ka ja ɗan akwati a gefen dama na takarda ka rubuta ƙa'idar da za ka yi amfani da ita a ciki. Kowace kusurwa ka samu, ka zagaye lambarta. Amsar ƙarshe kuma ka ja mata layi biyu. Ranar Asabar yakan tara mu a aji ya yi mana bita, bai taɓa karɓar ko kwabo ba. Da yake ya shekara goma sha wani abu yana duba tsofaffin tambayoyi, yakan ce mana, "Bana ku riƙe auna nisa da kusurwa. Ta daɗe ba ta fito da ƙarfi ba."

Idan yana son ya zaburar da mu, akwai ɗalibi ɗaya da yake ambata, wanda ya gama shekara biyar kafin mu, wai bai taɓa koyar da mai kai irin nasa ba. Wannan ɗalibin ɗan wan babana ne. Hamma nake ce masa, yadda ake kiran yaya a garinmu. Ya tafi makarantar kimiyya ya yi shekara ɗaya ya dawo, ba wanda ya san takamaiman dalili. Ya nemi aiki a sabuwar jiha bai samu ba. Sai ya kama ɗaki a Mayo Gwoi yana koyar da 'yan jarrabawa da yamma.

Saura mako biyu a fara jarrabawa na je wurinsa da wata tambaya da ta gagare ni. Ya warware mini ita a tsaye, yana cin gyaɗa. Da sauran yaran suka watse, sai ya ce in tsaya.

"Kana son lissafin nan ko kana son ka gwada sa'a?"

Na ce ban gane ba.

"Ekspo," in ji shi. "Na gaskiya, ba irin wanda ake sayarwa a tasha ba."

Kowa ya san kalmar. Kowace shekara akwai masu yawo da takardu suna cewa tambayoyin bana ne, yara su saya, su shiga aji su tarar da wani abu dabam. Na faɗa masa haka. Ya yi dariya, ya jawo benci ya zauna, ya bayyana mini yadda nasa yake.

Takardun tambaya, in ji shi, a ɗakin ajiyar banki suke kwana, cikin buhuna masu kwaɗo. Kowace safiya sufabaiza, wato malamin da hukumar jarrabawa ta ɗauka daga wata makaranta don ya kula da wata, yakan je ya sa hannu ya karɓi ƙunshin ranar, cikin ambulan na leda mai kauri da aka manne bakinsa. Na cikin gari ba su da sarari, daga banki sai aji. Amma akwai makarantun ƙauye masu nisa, inda hanya ta lalace da damina. Sufabaizan irin wannan wuri shi ake fara sallama, tun da sauran duhun asuba, don ya isa kan lokaci. Ɗaya daga cikinsu mutuminsu ne. A hanyarsa zai ratse wani gida wajen Nukkai, a tsaga ledar da reza ta ƙasa, a bin ɗinkinta, a zaro takarda ɗaya a kwafe tambayoyin da hannu, a mayar, a manne da wuƙar da aka ɗumama a wuta. Idan ya isa makaranta ya ɗaga ambulan a gaban ɗalibai don su shaida ba a buɗe ba, bakin yake nuna musu, hannunsa na riƙe da gindin.

"Daga nan a kawo mini a kan mashin," in ji Hamma. "Minti arba'in ya ishe ni. Ku kuna nan zaune da biro. Ƙarfe takwas da rabi kowa ya kama hanyar makaranta."

Na tambaye shi ko ba a kamawa. Ya ce wanda ya yi wauta ake kamawa. Ya faɗi kuɗin. Ya ce ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai sufabaiza, akwai mai mashin, akwai mai gida, don haka ko ni ɗan'uwansa ba zai iya ɗauke mini ba.

Kwana uku ina juya maganar. Ba tsoron Allah ne ya fi damuna ba, ba zan yi wa kaina wannan ƙaryar ba. Abin da ya fi cina shi ne tunanin cewa waɗanda ban taɓa ganin sun ɗaga hannu a aji ba za su fito da sakamakon da ya fi nawa. A rana ta huɗu na tura kekena na hawa wurin wani mai gyara na sayar. A gida na ce an sace shi a bakin makaranta. Inna ta yi ta salati, Baba ya ce in bar shi, in mai da hankali ga karatu, Allah zai musanya.

Daga ranar na daina zuwa bitar Asabar. Malam ya tare ni a baranda ya ce, "Kai, ina ka shiga? Yanzu ne kan ka ta fara buɗewa." Na ce masa ina taya Baba aiki a shago.

Ranar lissafi an kwana ana ruwa. Bayan sallar asuba na ce wa Inna zan je bita, na taka a ƙafa har Mayo Gwoi, taɓo har idon sawu. Na tarar da ɗakin cike. Mun kai mu talatin, maza da mata, wasu daga makarantarmu, wasu da kayan makarantu biyu dabam. Babu mai gaisawa da wani. Wajen ƙarfe bakwai mashin ya tsaya a waje, aka miƙo wa Hamma takardu biyu a ninke, rubutun gaggawa da shuɗin biro. Ya zauna a ƙasa, ya jera farar takarda da takardar kabon ta kwafi hawa huɗu, ya fara aiki. Ban taɓa ganin mutum yana lissafi da sauri haka ba. Yana gama tambaya ɗaya sai ya yage shafin ya rarraba kwafin, mu taru mutum bakwai takwas a kan kowane, muna kwafa.

Kowa da dabararsa. 'Yan mata wasu a cinya suke rubutawa, wasu a cikin gefen ɗankwali. Wani ya naɗe 'yar takarda ya cusa cikin bututun biro. Ni na yi amfani da fo-figa, ɗan littafin jadawalin lambobi da aka yarda kowa ya shiga da nasa. Na fere fensir ya yi tsini, na riƙa rubutawa ƙanana ƙanana a tsakanin layukan shafukan tsakiya, inda mai dubawa ba ya kaiwa idan ya kaɗa littafin. Ban tsaya karanta tambayoyin ba, babu lokaci. Amsa kawai nake ɗauka, lamba bayan lamba.

Hamma yana ta faɗa, "Kada kowa ya kwafa iri ɗaya! Ku canza tsari, ku bar wata tambayar!" Babu wanda ya saurare shi. Wanda bai san abin da yake kwafa ba, ta ina zai canza masa tsari?

A ƙofar zauren jarrabawa aka laluba aljihunmu, aka kaɗa fo-figa, aka ce in wuce. Da aka raba takardu na juya tawa, sai na ga tambayoyin nan, ɗaya bayan ɗaya, yadda aka yi alkawari. Har da auna nisa da kusurwa, wadda Malam ya yi ta nanatawa: jirgin ruwa ya tashi daga wani wuri ya nufi wani, a nemo nisansa. Na buɗe littafina kamar mai neman lamba, na fara juyewa. Malamin da ke sa ido ya wuce ta gefena sau uku. Abin da ya gani shi ne ɗalibi yana duba jadawali, abin da kowa ke yi.

Na gama da sauran kusan minti ashirin. Don kada a ga na zauna haka, sai na koma ina karanta tambayoyin a karo na farko da natsuwa. A nan na ga abin. A takardar da aka buga, kusurwar jirgin digiri talatin da bakwai ce. A amsata, talatin da ɗaya na rubuta, na zagaye ta, na bi ta har ƙasa. Wanda ya kwafe tambayar a Nukkai ya ja bakwai ɗinsa a gurguje, Hamma ya karanta ta ɗaya.

Na duba sauran tambayoyin da idon da ya kamata in duba su tun farko. Wallahi babu wadda ta fi ƙarfina. Huɗu daga ciki mun yi irinsu a ranakun Asabar kafin in daina zuwa. Na ja layi ɗaya a kan amsar jirgin, na fara sabuwa da talatin da bakwai. Na kai rabi aka ce a ajiye biro. Tsohuwar amsar tana nan ƙarƙashin layin, ana karanta ta sarai.

A waje yara suna ta murna, suna tafawa. Ban gaya wa kowa ba. Da yamma na je na faɗa wa Hamma. Ya ce, "Tambaya ɗaya ce. Makinta kawai za ku rasa." Amma bai dube ni ba da yake faɗa. Bayan mako biyu aka ce ya tafi Kano wurin wani abokinsa neman aiki.

Abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya na ji, shi ne yadda ake duba takardun. Ba a garinmu ake dubawa ba. Ana kwasarsu zuwa wata jiha, a raba wa malamai, kowa da ƙunshin makaranta guda da takardar da ke nuna makin kowane mataki. Idan mai dubawa ya ga ɗalibai da yawa sun samu amsa daidai, ba abin zargi ba ne, daidai ɗaya ce. Kuskure ne ke tona asiri. Mutum goma sha tara a makaranta ɗaya su karanta bakwai su rubuta ɗaya, a wuri guda, su bi ta da lambobi iri ɗaya har ƙarshe, wannan ko makaho ya shafa ya san daga tushe ɗaya suka sha. Mai dubawa ya cike takardar rahoto, ya kai wa shugaban rukuninsu, aka ware takardunmu.

Sakamako ya fito bayan an fara girbi. Aka manna shi a allon da ke gaban ofishin firinsifal. Na bi lambata da yatsa. Inda ya kamata in ga makin darussa tara, babu komai sai alamar an riƙe. Ba lissafi kaɗai ba, duka. Turancina da tarihina, waɗanda na rubuta da kaina, suna cikin abin da aka riƙe. Na gaya wa Baba matsala ce daga hukuma, an riƙe na mutane da yawa, za a saki. Ya yarda. Duk wanda ya zo shago ya tambaya, haka yake faɗa masa.

Wata uku muna zuwa makaranta muna tambaya. Sannan takarda ta iso. An soke sakamakon mu goma sha tara gaba ɗaya, an hana mu sake zama na shekara biyu. Sauran 'yan ajinmu, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, an soke musu lissafi, domin an ce ba a san iyakar inda abin ya kai ba. A cikinsu akwai yaron da muke zama benci ɗaya, wanda mahaifinsa ya sayar da doyar shekara ya biya masa kuɗin jarrabawa. An kuma ce za a turo kwamiti ya binciki yadda tambayoyin suka fita.

A ranar na gaya wa Baba gaskiya, a shago, bayan yaran aiki sun tafi sallar la'asar. Na faɗa masa zancen keke, da ɗakin Mayo Gwoi, da wanda ya warware tambayoyin. Na zaci zai dake ni. Ya cire ƙafarsa daga kan keken ɗinki, ya zare tabarau, ya daɗe yana kallon titi.

"Wa ka gaya wa ban da ni?"

"Babu kowa, Baba."

"To ka bar shi a nan." Ya nuna ƙirjinsa. "Ka san dokar da soja suka kafa a kan wannan? Shekara ashirin da ɗaya. Ɗan wana ne. Uwarsa ba ta da lafiya. In ka buɗe baki aka ɗaure shi, da wane ido zan dubi yayana? Kai ka riga ka faɗi. Kada ka ja wani."

Wannan mutumin ne da idan mai yadi ya bar ƙyalle ko na tafin hannu ne, sai ya naɗe ya mayar masa. Na yi ta kallonsa ina jiran ya ƙara wani abu. Ya mayar da tabarau ya ci gaba da ɗinki.

Kwamitin ya zauna a ɗakin karatun makarantarmu. Mutum huɗu ne, da wani jami'in hukumar jarrabawa da ya zo da kwafin takardunmu. Ana kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kai kaina na riga na ji inda maganar ta karkata. An samu kuskuren nan na talatin da ɗaya a takardun wasu makarantu biyu na gari. Kuma ɗaliban can, waɗanda Malam bai taɓa koyarwa ba, sun ja akwati a gefen dama, sun zagaye kusurwa, sun ja layi biyu a ƙarƙashin amsa. Malaman lissafin makarantunsu suka ce su ba haka suke koyarwa ba, kowa ya san tsarin wane ne. Aka haɗa da bitar Asabar. Aka haɗa da cewa ya faɗa mana tun da wuri auna nisa zai fito. Mutumin da ke tara ɗalibai kyauta, in ji wani daga cikin kwamitin, a ina yake samun ladansa?

Da na shiga, Malam yana zaune a gefe a kan kujerar ɗalibai. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai furfura, ya turo mini kwafin takardata.

"Rubutunka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Ka rubuta talatin da ɗaya, ka soke, ka koma talatin da bakwai. Daga ina ka samo ta farkon?"

Na ce wata takarda ce na ga ana yawo da ita a filin makaranta da safe, na leƙa. Haka muka shirya faɗa, dukanmu.

"Malaminku ya ce tsarin nasa ne amma aikin ba nasa ba ne. Ya ambaci wani tsohon ɗalibinsa da ke koyarwa a Mayo Gwoi. An ce ɗan'uwanka ne."

"Ɗan wan babana ne."

"Shi ya ba ku?"

"A'a."

"Ka taɓa jin yana wannan harka?"

"Ban taɓa ji ba. Ya daɗe da barin gari."

Dattijon ya rubuta. Sannan ya nuna Malam da biro. "To wannan fa? Daga hannunsa takardar ta fito?"

Da na ce a'a, da babu abin da zai samu Hamma. Kalma ɗaya ce, kuma gaskiya ce. Amma na ji tsoron in na wanke Malam za a ce to wane ne, a ci gaba da tono. Na dubi tebur na ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe."

Ban dubi Malam ba. Na ji dai ƙarar kujerarsa da ya gyara zama.

Mu goma sha tara, babu wanda ya faɗi wani abu dabam. Sufabaizan ƙauyen ba a ko kira shi ba, domin ambulan ɗinsa ya isa a manne, ɗalibai biyu sun sa hannu sun shaida. Kwamitin ya ce babu hujjar da za a kai Malam kotu, amma akwai zargi mai ƙarfi. Aka rage masa matsayi, aka hana shi duk wani aiki da ya shafi jarrabawa, aka mayar da shi wata ƙaramar makaranta can bayan duwatsu, inda mota ke shiga ranar kasuwa kawai.

Ranar da zai tashi na je gidan da yake haya. Ban san me zan ce ba, ƙafata ce ta kai ni. Ana loda kayansa a bayan a-kori-kura, katifu da tukwane da kwalayen littattafai. Matarsa na zaune a gaba da jariri, manyan yaran biyu a kan kaya. Na ɗauki kwali ɗaya zan miƙa. Ya ce, "Ajiye."

Na ajiye.

"Na ga takardan ka," in ji shi. "Wanda ka fara na biyu, da talatin da bakwai. Daidai kake tafiya. Da an ba ka minti biyar ka gama ta."

Na ce, "Malam, ka yi haƙuri."

"Haƙuri na mene? Kai ka ce ba ka sani ba. Wanda bai sani ba, ba ta da laifi." Ya ɗaga kwalin da kansa ya ɗora. "Shi wancan ni na koya masa ya ja akwati. Kai ma ni na koya maka. Je ka gida."

Bai ɗaga murya ba. Ya zagaya ya shiga mota, suka tafi. Ban sake ganinsa ba. Bayan wasu shekaru na ji ya bar koyarwa ya koma noma a garinsu.

Yaron da muke benci ɗaya bai sake zana jarrabawa ba, babu mai biya masa. Na riƙa ganinsa a tasha yana lodin doya. Farkon haɗuwarmu na yi masa sallama, ya dube ni ya ce, "Ku ne 'yan sha tara ko?" Ya juya ya ci gaba da aikinsa. Daga nan idan na hango shi sai in canza hanya.

Shekara biyun nan a shagon Baba na yi su. Na fara da sa maɓalli da guga, na koma yanka, har na iya wuyan kaftani. Ni da Baba ba mu sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Ya daina yi mini zancen ofis. Idan ma'aikaci ya tambaya ina karatun yaron, sai ya ce, "Yana nan yana shiri." Da wa'adin ya cika na zana jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, na samu kiredit a lissafi, ba da yawa ba, daidai abin da na samu a gwaji shekara uku da suka wuce.

Hamma ya dawo gari bayan ƙura ta lafa. Wani ya yi masa hanya ya samu aiki a wani ofis, ya sayi mashin, aka sa masa ranar aure. Baffana, mahaifinsa, ya kawo shadda fara ya ce a ɗinka wa ango babbar riga da 'yar ciki, kuma tun da an ce hannuna ya faɗa, ni yake so in yi. Baba ya miƙo mini yadin bai dube ni ba. Kwana shida na yi a kanta.

Ana jibi ɗaurin aure Hamma ya zo gwaji. Ya sa rigar, ya tsaya gaban madubi, ya juya hagu ya juya dama. Ya ce mini ya ji na ci jarrabawa, ya yi murna, dama ya san zan iya. Sannan ya sa yatsa a wuyan 'yar cikin ya ce ta ɗan matse shi, in sassauta. Na karɓa, na zauna na warware ɗinkin da reza, na sake.